Minti Uku a Gaban Hajiya Matiron: Me Zan Faɗa Ranar Sallama?

Assalamu alaikum, Anti. Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani asibitin gwamnati a jihar Jigawa. Shugabarmu, wadda muke kira Hajiya Matiron, za ta yi ritaya a ƙarshen wata bayan shekara 35 tana aiki, kuma ni aka zaɓa in yi godiya a madadin ƙananan ma'aikata a walimar sallama, cikin minti uku. Shugaban asibiti zai zo, da wakilin hakimi, da maigidanta da 'ya'yanta. Na rubuta shafi uku, amma da na karanta wa ƙawata sai ta ce kamar tarihin mamaci. Abu uku nake tunawa da ita. Daren da na fara kwana a ɗakin yara an kawo wani yaro da gudawa ta tsotse shi, na soka allura sau biyu ban sami jijiya ba, hannuna yana rawa. Sai ta zo ta tsaya a bayana, ta riƙe hannun yaron, ta haska mini da tocila, ta ce, "Sake, ina nan." Na sake, na samu. Na biyu, ta taɓa ba ni takardar tuhuma a kan makara, muka yi wata biyu ba abin da ke haɗa mu sai gaisuwa. Na uku, lokacin jinyar mahaifina ta ranta mini kuɗi a ɓoye, da na mayar ta ƙi karɓa. Wanne zan faɗa? Kuma ina tsoron kada kuka ya ƙwace mini a gaban mutane.

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ƙawarki ta yi miki gata, domin gara ki ji wannan magana daga bakinta a ɗaki da ki gane ta daga fuskokin mutane ranar taro. Ban ga shafukan nan uku ba, amma na san hanyar da irinsu suke bi: shekarar da aka ɗauke ta aiki, asibitocin da aka kai ta, matakan da ta hau, sannan jerin kyawawan halaye, haƙuri da riƙon amana da son jama'a. Duk wannan gaskiya ne, sai dai ba aikinki ba ne. A irin wannan taro akwai wanda aka ɗora wa karanta taƙaitaccen tarihin mai ritaya, galibi sakatare ko wani daga ofishin mulki, kuma zai karanta kafin a zo kanki. Idan kika maimaita, kin ci lokacinki a kan abin da mutane suka riga suka ji. Abin da aka zaɓe ki dominsa shi ne abin da babu shi a cikin fayil ɗinta, wato yadda aiki a ƙarƙashinta yake ga wanda yake ƙasa.

Akwai kuma dalili na biyu da ya sa rubutun ya yi kama da ta'aziyya, kuma shi ya fi muhimmanci. Duk lokacin da aka yi ta cewa "ta kasance mai haƙuri, ta kasance uwa gare mu", alhali mai halin tana zaune a kan kujera tana kallo, kunnen Bahaushe zaman makoki yake ji. Haka nan "mun yi babban rashi" da "ta bar giɓin da ba zai ciku ba". Wannan ta ƙarshen ma tana da wata illa da mutane ba su cika lura da ita ba: wadda za ta gaje ta tana nan zaune a wurin, wataƙila a layin gaba, kuma ke za ki ci gaba da aiki a ƙarƙashinta daga ranar Litinin. Maganin abin shi ne ki daina magana a kan Hajiya, ki koma magana da ita. Bayan kin gaida jama'a, ki juya gare ta, ki ce "Hajiya, ranki ya daɗe", ki ci gaba da "kin yi mana", "kin koya mini". Da zarar kin yi haka, kalmomin makoki za su zube da kansu, don ba a iya kallon mutum ido da ido ana ba da tarihinsa kamar ya tafi.

Daga cikin abubuwa ukun nan, na ɗakin yara shi ne jawabinki, kuma shi kaɗai ya isa. Dalilina shi ne duk wanda yake cikin wannan ɗaki zai gane shi ba tare da an yi masa sharhi ba. Kowace ma'aikaciyar jinya ta san yadda jijiyar yaron da ruwa ya ƙare a jikinsa take ɓuya, ta san yadda idon uwa yake a kan hannun mai allura, kuma ta san cewa abu mafi sauƙi ga babba a wannan hali shi ne ta ce "matsa" ta karɓi allurar. Hajiya ba ta karɓa ba. Ta riƙe tocila, aikin da ake ba ɗalibi ko ɗan jinya, ta bar miki aikin da zai sa ki zama ma'aikaciya. Idan kika faɗi wannan, ba ki da buƙatar cewa tana da tawali'u ko ta iya horar da na ƙasa, domin mutane za su faɗa wa kansu, kuma abin da mutum ya gano da kansa ya fi zama a zuciyarsa fiye da abin da aka jera masa. Maigidanta da 'ya'yanta kuwa, waɗanda suka yi shekaru suna kwana ba ta gida, a ranar za su ga abin da take yi a waɗancan darare.

Wajen ba da labarin ki kiyaye abu biyu. Kada ki ambaci sunan yaron ko garinsu ko wani abin da zai sa a gane shi, domin sirrin majiyyaci bai faɗi ba don ana walima. Kada kuma ki ce "da wata ce da ta kore ni" ko makamancin haka, saboda wannan "watar" tana iya kasancewa a wurin, kuma yabon da aka gina a kan gugar zana yakan bar ɗaci ko a bakin wanda aka yaba. Sannan labarin yana buƙatar jimla guda da za ta nuna inda alherin ya kai. Idan gaskiya ne cewa yau ke ma kina tsayawa a bayan ɗalibai kina barin su su sake gwadawa, ki faɗa, domin babu abin da ya fi daɗi ga mai barin aiki kamar ya ji cewa hannunsa bai fita daga aikin ba. Idan ba gaskiya ba ne, kada ki ƙirƙira, ki nemi abin da ya canza a aikinki da gaske ki faɗe shi ko da ƙarami ne.

Maganar kuɗin nan kuwa, ina roƙonki ki bar ta inda Hajiya ta ajiye ta. Na san ita ce ta fi yi miki nauyi a zuciya, kuma na san za ki ji kamar butulci ne ki tsaya gaban jama'a ki yi shiru a kanta. Amma ki duba lamarin ta ɓangarenta. Ita ta zaɓi ɓoyewa, kuma mai ɓoye alheri yana da dalilinsa, tsakaninsa da Ubangijinsa. Ba ki san ko iyalinta sun san da kuɗin ba. Ba ki san ko akwai wata a cikin ma'aikata da ta taɓa neman irin wannan taimako a lokacin da Hajiya ba ta da shi ba, wadda za ta zauna tana lissafi a ranta. Ga shi kuma albashi zai tsaya, kuma kowa ya san yadda haƙƙoƙin ritaya suke iya jinkiri kafin su fito, don haka shelanta ta a matsayin mai rance ba ta karɓa ba zai jawo mata komai ba sai masu sallama a ƙofar gida a lokacin da ita ma take lallaɓa abin hannunta. Godiyar wannan alheri a gidanta za ki yi ta. Ki je bayan taro da kwana biyu ko uku, da ɗan turare ko atamfa gwargwadon hali, ki zauna ki faɗa mata duk abin da ke ranki. A cikin jawabi jimla ɗaya ta isa, irin wadda ita kaɗai za ta gane nufinta, sauran jama'a kuma su ɗauke ta a matsayin magana ta gaba ɗaya.

Takardar tuhuma ma ba ta da wuri a matsayin labari. Wasu sukan kawo irinta da niyyar ba da dariya ko nuna cewa shugaba ba ta da sani ba ta da sabo a kan aiki, amma a gaban shugaban asibiti abin da za a tafi da shi shi ne kina makara, ita kuma dole ta yi murmushin da ba ta shirya ba. Sai dai al'adarmu ta riga ta tanadar wa irin wannan wuri mai kyau, wato neman gafara, wanda ba a sallama a ƙasar Hausa ba tare da shi ba. Zo mu zauna, zo mu saɓa, in ji Hausawa, kuma babu wanda zai yi mamaki idan wakiliyar ƙananan ma'aikata ta roƙi yafiya a madadinsu. Ki lura da tsarin: ke ce za ki nema, ba ke za ki fara bayarwa ba. Ƙarami ya miƙe ya ce wa babba "mun yafe miki duk abin da kika yi mana" tun kafin ta roƙa, yana nuna akwai tarin laifuffuka da ake riƙe da su. Ki bari sai ta tashi nata jawabin, za ta nema, sai ku amsa gaba ɗaya. Idan kuma har yanzu akwai ragowar wani abu a ranki daga waccan takarda, ki shiga ofishinta kafin ranar ku wanke shi ku biyu, domin murya takan tona abin da baki ya ɓoye.

Game da yabo, akwai ma'auni da addini ya ba mu, kuma ya dace da wannan wuri ƙwarai. Hadisin da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito ya ce wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba, don haka godiyar kanta abin nema ce. Amma a cikin Bukhari da Muslim, da wani ya zuzuta yabon wani a gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya ce masa ya yanke wuyan abokinsa, ya kuma koyar da cewa wanda ba makawa sai ya yi yabo to ya ce yana zaton wane kaza ne, Allah ne mai yi masa hisabi. Abin da wannan yake nufi a aikace shi ne ki faɗi abin da idonki ya gani, ki bar kirari ga masu shi. "Ba a taɓa yin kamarki ba" da "giwa mai tafiya da ƙasa" salon maroƙa ne, suna da wurinsu a biki, amma daga bakin ma'aikaciya zuwa shugabarta sukan sa mutane su yi zaton ana neman wani abu.

Gaisuwar manyan baƙi ita ce take cinye lokacin yawancin masu jawabi. Ki je wurin mai gabatar da taro tun kafin a zauna, ki karɓi muƙaman da tsarinsu kamar yadda zai kira su, ki bi shi sau da ƙafa, domin idan aka samu saɓani a kan wa ya kamata a fara ambata, ba ke ce za ki warware shi ba. Muƙami ya isa, ba sai kin kawo sunaye da digirori ba, tun da an riga an gabatar da kowa. Kada gaisuwar ta wuce daƙiƙa ashirin. Ga yadda zan tsara jawabin da ni ce, ki canza duk abin da bai dace da bakinki ba:

"Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma wakilin hakimi, shugaban asibiti, iyayenmu da shugabanninmu, Alhaji da iyalan gidan Hajiya, abokan aiki, barkanmu da wannan rana. 'Yan'uwana ƙananan ma'aikata ne suka turo ni in yi godiya, kuma da izininku zan juya in yi ta ga mai ita.

"Hajiya, ranki ya daɗe. Wataƙila kin manta, amma ni ban manta ba. Daren da na fara kwana a ɗakin yara, an kawo mana yaro ruwa ya ƙare a jikinsa. Na nemi jijiya sau biyu ban samu ba, uwarsa tana kallona, hannuna yana rawa. Kika zo kika tsaya a bayana. Ba ki karɓi allurar ba. Kika riƙe hannun yaron, kika haska mini tocila, kika ce, 'Sake, ina nan.' Na sake, Allah ya ba ni sa'a. Hajiya, tun daga wannan dare, duk ɗalibar da hannunta ya yi rawa a gabana, maganarki nake faɗa mata. Da zan ba kowa a cikinmu wannan lasifika, kowa yana da irin nasa daren. Akwai kuma alherin da kika yi wa wasunmu wanda ba ki so a faɗa, ba za mu faɗa ba, amma Wanda kika yi dominsa ya gani.

"Mun san mun gajiyar da ke. Akwai ranar da muka makara, akwai ranar da kika yi gyara muka ɓata rai. A madadinmu duka, muna roƙon ki yafe mana.

"Alhaji, da ku 'ya'yan Hajiya, mun gode da aron da kuka ba mu na shekara 35. Dare nawa kuka kwana ba ta gida, Sallah nawa kuka yi tana bakin aiki. Yau mun dawo muku da ita, amma ku yi haƙuri da mu, za ku riƙa ganinmu a ƙofar gida.

"Hajiya, Allah ya saka miki da alheri. Allah ya sa hutu ne mai albarka, ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya sa ki ci gajiyar wahalarki, ya yi wa zuri'a albarka. Wadda za ta karɓi wannan aiki kuma, Allah ya taya ta riƙo, mu kuma ya ba mu ikon yi mata biyayya. Mun gode. Wassalamu alaikum."

Za ki ga makarar ta shigo, amma a bakin jama'a gaba ɗaya, ta yadda ita za ta gane kuma ba wanda zai nuna ki da yatsa. Za ki ga kuma jimlolin gajeru ne, sun fi waɗanda nake rubuta miki a nan gajarta nesa ba kusa ba, kuma da gangan na yi haka. Mai karatu yana iya komawa baya idan zaren magana ya kuɓuce masa, mai sauraro ba ya iyawa, don haka duk jimlar da ba za ki iya faɗinta da numfashi ɗaya ba ki raba ta biyu. Addu'ar ƙarshe kuma ki ba ta sarari, domin bayan kowace gaɓa jama'a za su ce amin, kuma idan kika yi sauri za ki riƙa taka musu baki. Jimlar da ta ce kowa yana da irin nasa daren tana da sharaɗi: ki tambayi abokan aikinki uku ko huɗu kafin ranar, ki tabbatar haka ne, tun da da sunansu za ki yi magana.

Wannan jawabi ya ɗan haura kalma ɗari uku, kuma idan aka faɗe shi a natse, da tsayawar amin, zai cika lokacin da aka ba ki ko ya rage kaɗan. Kada ki yarda da ƙiyasina, ki gwada da agogon wayarki, a tsaye, da murya a sama, ba a zuci ba. Duk inda harshenki ya yi tuntuɓe sau biyu, kalmar ce ba ta dace ba, ki sauya ta da wadda kike faɗa kullum. Ki rubuta shi da hannu, da manyan baƙaƙe, a kan takarda guda mai ɗan kauri wadda ba za ta riƙa kaɗawa ba idan hannu ya yi rawa. Kada ki karanta daga waya, don fuskarta takan mutu a tsakiyar magana ko kira ya shigo, kuma dattawa da yawa suna ganin mai kallon waya kamar hankalinsa ba ya wurin. Gaisuwa da addu'a kina iya duba takarda, amma labarin ɗakin yara ki ɗaga kai ki faɗe shi kina kallonta, tun da ba haddace shi kika yi ba, ke abin ya faru da ke.

Kuka kuwa ba abin kunya ba ne a wannan wuri. Sabo ake yi wa kuka, kuma babu wanda zai ga laifin wadda muryarta ta karye a gaban uwar ɗakinta. Abin da ake gudu shi ne ya hana ki kaiwa ga addu'a. Gwajin da za ki yi a gida zai nuna miki daidai inda yake taso miki, kuma ina kyautata zaton a kan "sake, ina nan" ne. Ki sa alama a wurin. Idan kin iso, ki sauke lasifikar daga bakinki, ki kawar da ido daga fuskarta zuwa takarda, ki ja numfashi biyu a hankali, sannan ki ci gaba da ƙaramar murya. Shirun zai yi miki tsawo, amma ga masu sauraro ɗan kaɗan ne, kuma galibi za ki ji wani ya ce "sannu" ko "Allah sarki" ya cike miki shi. Kada ki ba da haƙuri a kan hawayen, don ba da haƙurin ne yake ƙara tsinka zuciya. Ki sa ƙawar nan taki ta zauna kusa, da kwafin takardar a hannunta, idan abin ya gagara gaba ɗaya ta miƙe ta karanta addu'ar a madadinki.

Mai yiwuwa ne kuma taron ya ja, manya su ci lokaci, mai gabatarwa ya raɗa miki cewa minti ɗaya ya rage, musamman idan lokacin salla ya matso. Ki shirya wa wannan tun daga gida ta hanyar ja wa sassan da ba za ki bari ba layi a ƙasa: sallama da gaisuwa a dunƙule, labarin ɗakin yara, neman gafara, da "Allah ya saka miki da alheri". Godiyar iyali, idan ba ta samu shiga ba, ki riƙe ta ki faɗa wa Alhaji da baki ranar da kika je gidan.